Layi Biyar Sun Ishi Allon Litinin

A ofisoshi da dama, safiyar Litinin tana farawa da taro. A haɗa kwamfuta da babban allo, sai zane-zane su bayyana: da'irori masu launi, sanduna dogaye da gajeru, kibiyoyi ja da kore, da alƙaluma wajen arba'in a jere. Wanda ya haɗa allon zai miƙe ya yi bayani na rabin awa, manaja ya gyaɗa kai, akanta ta duƙufa a kan wayarta, mai kula da sito ya yi tsit saboda bai gane komai ba kuma yana jin nauyin faɗa. A tashi taro ba a yanke shawara ko ɗaya ba. Ranar Alhamis sai a ji man girki ya ƙare a sito, ko kuma kuɗin albashi bai cika ba. Abin takaicin shi ne labarin duka biyun yana kan allon tun Litinin, a layi na ashirin da wani abu, inda idon kowa bai kai ba.

Idan haka ta faru, laifin yakan sauka a kan ma'aikata. A ce ba su da ilimin alƙaluma, a shirya musu bita a otal, a raba takardun shaida. Wannan zalunci ne. Mutumin da ke riƙe da lissafin katan dubu huɗu a kansa, wanda ya san shagon da ke biya da wanda ke ja da bashi, ba jahilin lissafi ba ne. Allon ne ya kasa yi masa magana. Dashbod, wato allon da ke tattara alƙaluman aiki wuri guda, yana da aiki ɗaya tak a safiyar Litinin: ya nuna abin da ke buƙatar a tashi a kansa a wannan mako, da wanda zai tashi. Duk lambar da ba ta da iyakar da za ta ce an shiga haɗari, ba ta da mai ita, kuma ba a san abin da za a yi idan ta ƙetare iyakar ba, ado ce kawai, kuma adon da ke rufe abin da ya kamata a gani.

Yawan ƙararrawa kurma yake haifarwa

Masu cika allo suna da hujja mai daɗin ji: gara a nuna komai, kada wani abu ya kuɓuce. Lissafi mai sauƙi yana rushe wannan hujja. A ɗauka kowace lamba a allon tana iya yin ja bisa kuskure sau ɗaya cikin makonni ashirin, alhali babu abin da ya lalace. Idan lambobin arba'in ne, za a riƙa samun jan ƙarya kamar biyu a kowane mako, kuma damar a ga aƙalla guda ɗaya a kowace Litinin ta kai kusan kashi 87 cikin ɗari, idan lambobin ba su dogara da juna ba. Idan lambobin biyar ne, damar ta sauko zuwa kusan kashi 23. Ma'aikatan da suka bi sawun ja sau goma suka tarar babu komai za su daina bi, kuma suna da gaskiya. Ranar da ja na gaske ya zo, zai tarar da mutanen da suka riga suka koyi kawar da kai.

Wannan ba hasashe ba ne. A ranar 28 ga Maris, 1979, a tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke jihar Pennsylvania a Amurka, ƙararrawa fiye da ɗari ta tashi a ɗakin sarrafawa cikin mintocin farko na haɗarin. Ma'aikatan ƙwararru ne, amma babu hanyar da za su ware muhimmiya daga marar muhimmanci. Akwai kuma wata fitila da suka dogara da ita, suna zaton tana nuna cewa wani bawul ya rufe. Ashe abin da take nunawa shi ne an aika masa umarnin rufewa, shi kuwa ya maƙale a buɗe, ruwan sanyaya injin yana ta zurarewa fiye da awa biyu. Darasi biyu ke nan ga duk mai haɗa allo, ko da na kamfanin sabulu ne: yawan gargaɗi yana kashe gargaɗi, kuma lambar da ke auna umarni a maimakon sakamako tana iya yin ƙarya da fuskar gaskiya.

Yadda ake zaɓen biyar

A ɗauki misalin wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano, mai motoci huɗu, da ke kai sabulu, taliya, man girki da madara ga shaguna kamar ɗari uku. Alƙaluman da za su biyo baya na misali ne, amma hanyar aikin ita ce ta gaske. Mutanen da ke zama a taron Litinin su biyar ne: manaja, akanta, mai kula da sito, shugaban masu sayarwa da shugaban direbobi. Babu ɗayansu da ya karanci kimiyyar alƙaluma, kuma babu buƙatar hakan.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da tambayar waɗanne alƙaluma ake da su. Amsar koyaushe ita ce da yawa, don haka allon ya cika. Tambayar da ta dace ita ce: waɗanne abubuwa ne, idan suka lalace a wannan mako ba a lura ba, za su jawo wa kamfanin asarar da ba za a iya gyarawa a mako mai zuwa ba? A irin wannan kamfani amsar ba ta wuce biyar. Kuɗi na iya ƙarewa. Bashi na iya tsufa a hannun masu shaguna. Kayan da aka fi nema na iya yankewa a sito. Kaya na iya makara a hanya har mai shago ya koma wa wani. Ciniki kansa na iya faɗuwa.

Kowace lamba da wani ya kawo, sai a yi mata tambaya ɗaya: idan ta yi muni, wa zai yi me kafin Juma'a? Adadin masu bin shafin kamfanin a kafafen sada zumunta ba ya da amsa, don haka ya fita. Ribar wata tana da muhimmanci, amma ba ta zuwa sai bayan an rufe littafi, ganinta a Litinin ihu ne bayan hari. Wurinta taron ƙarshen wata. Jimillar cinikin da aka yi tun farkon shekara kuwa lamba ce da ba ta taɓa sauka, don haka ba ta iya gargaɗin kowa. Tana faranta rai kawai.

Sannan a kula da ma'aunin da ake amfani da shi. A shekarar 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari. A irin wannan yanayi, allon da ke auna ciniki da naira zai riƙa nuna ci gaba ko da kayan da ke fita suna raguwa. Saboda haka a ƙirga katan. Haka nan a layin isar da kaya, kada a ƙirga odar da ta bar sito, domin wannan ita ce fitilar da ke nuna an ba da umarni. A ƙirga odar da ba ta isa shago cikin awa 48 ba, bisa takardar da mai shago ya sa wa hannu. Kuɗin hannu ma kada a rubuta shi da miliyoyi, domin naira miliyan 21 ba ta gaya wa shugaban direbobi komai. A raba ta da abin da ake kashewa a mako. Idan ana kashe miliyan 6, sai a rubuta: mako uku da rabi. Wannan kowa ya gane shi.

Iyakar da ke fitowa daga sakamako

A nan ne mafi yawan alluna ke faɗuwa. Ana tambayar mai gida inda yake so ja ya fara, shi kuma ya faɗi lambar da ta zo bakinsa, yawanci burin da yake da shi na shekara. Buri daban, gargaɗi daban. Allon da aka ɗaura jansa a kan buri zai zauna ja wata da watanni, har launin ya zama kamar fentin bango.

Iyaka ta gaskiya iri biyu ce. Ta farko tana fitowa daga abin da zai faru idan an ƙetare ta, da kuma tsawon lokacin da gyara ke ɗauka. Idan kamfanin yana sayar da katan 300 na man girki a mako, kuma oda daga Legas tana ɗaukar mako biyu kafin ta iso, to duk ranar da abin da ke sito ya sauka ƙasa da katan 600, yankewa ta riga ta tabbata ko da an yi oda a ranar. Wannan shi ne ja, kuma ba ra'ayin kowa ba ne. Rawaya kuma ita ce wurin da har yanzu akwai damar gyara cikin natsuwa, wato katan 900, na mako uku. Ba za a jera kaya ɗari a allon ba. Za a ware kaya ashirin da suka fi tafiya, a rubuta lamba ɗaya: nawa ne daga cikinsu ke ƙasa da na mako biyu. Ko guda ɗaya ne, layin ya yi ja, a rubuta sunan kayan a gefensa.

Kuɗin hannu ma haka ake bi da shi. Idan matsa wa masu bashi har kuɗi ya shigo yana ɗaukar kamar mako uku, ja yana ƙasa da mako uku, rawaya ƙasa da biyar. Bashi kuwa, abin aunawa shi ne kaso nawa na jimillar bashin ya haura kwana 30, tunda yawan bashi shi kaɗai na iya zama alamar kasuwa ta buɗe. Manaja da akanta su zauna su duba ribar da ke kan katan, su ga yawan bashin da zai iya maƙalewa kafin ya cinye ta. A wannan misali sun tsaya a kan kashi 10 don rawaya, kashi 15 don ja. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne an rubuta dalilinta a jimla ɗaya da kowa zai iya karantawa ya yi gardama da ita.

Iyakar da ke fitowa daga halin lambar

Ciniki ba shi da irin wannan bango. Yana hawa yana sauka kowane mako, kuma a nan ne kibiyar ja da kore ta fi yin ɓarna. Ga katan da kamfanin ya sayar a makonni goma sha biyu: 4,200, 3,900, 4,500, 4,100, 3,800, 4,400, 4,300, 4,000, 4,600, 4,200, 3,900, 4,500. Allon da ke kwatanta kowane mako da wanda ya gabace shi zai nuna jar kibiya sau bakwai cikin Litinin goma sha ɗaya. Sau bakwai za a tsare shugaban masu sayarwa da tambaya, sau bakwai zai ƙirƙiro dalili: ruwan sama, hanya, ƙarshen wata. Sau huɗu kuma a yaba masa. Alhali duk tsawon lokacin babu abin da ya canja. Kasuwar tana numfashi ne kawai a kewayen katan 4,200.

Maganin wannan ya kai shekara ɗari. A 1924, Walter Shewhart, wanda ke aiki da kamfanin Western Electric a Amurka, ya gabatar da hanyar bambance hawa da saukar da aka saba da ita daga canji na gaske. Wani nau'in hanyar, wanda Donald Wheeler ya yaɗa a tsakanin manajoji, yana buƙatar mataki huɗu kacal. A fitar da matsakaicin makonnin, a nan 4,200. A fitar da tazarar da ke tsakanin kowane mako da na bayansa ba tare da kula da hawa ko sauka ba: 300, 600, 400, har zuwa ƙarshe, matsakaicinsu ya kama kusan 409. A ninka wannan da 2.66, wadda lamba ce tsayayya a wannan hanya, a samu kusan 1,090. Sai a cire shi daga matsakaici, a kuma ƙara shi a kai. Iyakar ƙasa ta zama kusan katan 3,100, ta sama kusan 5,300.

Ma'anar wannan a bakin kowa ita ce: duk abin da ya faɗa tsakanin 3,100 da 5,300 halin kasuwar nan ne, ba labari ba ne, kuma ba a tambayar kowa dalilinsa. Abin da ya faɗo ƙasa da 3,100 ja ne. Abin da ya haura 5,300 shi ma a bincika, domin yana iya zama sabuwar kasuwa, yana kuma iya zama an tura wa shaguna kayan da ba su nema ba. Saura haɗari ɗaya, wato zamewa a hankali wadda ba ta taɓa iyaka. Don ita ake ƙara doka ta biyu: idan mako takwas a jere suka faɗa ƙasa da matsakaici, layin ya yi rawaya, ko da kowannensu shi kaɗai bai ba da tsoro ba. Adadin odar da ta makara ma da wannan hanya ake fitar masa da iyaka, sai dai shi iyakar sama ce abin tsoro.

Hanyar tana da iyakokinta, kuma ɓoye su yaudara ne. Makonni goma sha biyu farawa ce kawai, idan aka samu ashirin ko fiye sai a sake lissafi. Ba ta aiki da kyau a kan abin da ba ya faruwa sai jefi-jefi, kamar haɗarin mota, wanda shi ko sau ɗaya ya faru a tattauna shi. Sannan akwai lokuta na musamman. Cinikin azumi da na jajibirin Sallah ba irin na sauran shekara ba ne, idan aka cusa su cikin lissafin za su faɗaɗa iyakokin har su daina kama komai. Kuma tun da watan Ramadan yana matsowa da kimanin kwana 11 a kowace shekara a kalandar Miladiyya, kwatanta Maris na bana da Maris na bara na iya zama kwatanta azumi da abin da ba azumi ba. A ware waɗannan makonni, a kwatanta makon farko na azumin bana da makon farko na azumin bara.

Siffar allon

Shafi ɗaya, layi biyar, babu gungurawa ƙasa. Kowane layi yana ɗauke da sunan abin da Hausar da ake yi a ofishin, lambar wannan mako, iyakar rawaya, iyakar ja, matsayi, sunan mutum ɗaya, da aikin farko da zai yi idan ya yi ja. Mutum ɗaya, ba sashe ba, domin abin da aka damƙa wa sashe kowa zai jira ɗan'uwansa. Matsayin kuma a rubuta shi da kalma, kada a bar shi ga launi kaɗai, saboda akwai mutanen da idonsu ba ya bambance ja da kore, kuma allon yakan ƙare a firinta mai baƙar tawada ko a hoton waya. Excel ko Google Sheets sun wadatar, sayen manhaja mai tsada ba ya gyara allon da ba a yi tunaninsa ba.

Akwai tarko ɗaya da ya kamata a sani. A waɗannan manhajoji, gurbin da ba a cika ba ana lissafa shi kamar sifili idan aka kwatanta shi da lamba. Idan akanta ba ta samu damar shigar da alƙaluman bashi ba, dabarar da aka rubuta cikin gaggawa za ta ga sifili bai kai iyaka ba, ta rubuta kore. Layin da ya fi haɗari sai ya fito da fuskar lafiya. Gyaran shi ne a fara da tambayar ko akwai lamba a gurbin:

```
=IF(B3="","BABU LABARI",IF(B3>D3,"JA",IF(B3>C3,"RAWAYA","KORE")))
```

A nan `B3` lambar mako ce, `C3` iyakar rawaya, `D3` iyakar ja. A layukan da ƙasa ce haɗari, kamar kuɗin hannu, sai a juya alamar zuwa `<`. Rashin labari a ɗauke shi da nauyin ja. A saman shafin kuma a rubuta ranar da aka rufe alƙaluman, misali Asabar da yamma, don kada a zauna ana muhawara a kan lambar makon jiya.

Ga yadda wata Litinin za ta kasance. Ciniki ya sauko daga 4,500 zuwa 3,800, faɗuwar kusan kashi 16 cikin ɗari. A tsohon allo da wannan ya cinye taron. A sabon allo kore ne, a wuce. Kuɗin hannu mako uku da rabi, rawaya. Kaya babu wanda ke ƙasa da na mako biyu. Odar da ta makara tana cikin halinta. Bashi kuwa, daga jimillar naira miliyan 40, miliyan 6.4 ta haura kwana 30, wato kashi 16, ja. Akanta, wadda layin nata ne, ta zo da takarda ɗaya: "Ranka ya daɗe, miliyan huɗu daga ciki tana hannun shaguna huɗu ne kacal." Aikin farko an riga an rubuta shi tun ranar da aka kafa iyakar: a dakatar da ba su kaya bashi daga yau, shugaban masu sayarwa ya je musu da kansa kafin Laraba. Kowa a ɗakin kuma ya ga alaƙar layin nan da rawayar kuɗin hannu ba tare da an yi masa lacca ba. Minti ashirin, an tashi.

Abin da masu adawa za su ce

Za su ce layi biyar na iya ɓoye matsala ta shida. Gaskiya ne. Amma layi arba'in ma suna ɓoye ta, har su haɗa da sauran biyar ɗin. Babu wanda ya ce a zubar da ragowar alƙaluman. Suna nan a shafukan baya, inda mai layi zai shiga idan nasa ya yi ja, kamar yadda akanta ta shiga ta fito da shaguna huɗu. Allon Litinin ƙofa ce, ba shi ne ɗakin ajiya ba. Ƙungiyar da masu ba ta tallafi ke neman alƙaluma sittin ta ba su rahotonsu cikakke, amma kada ta mai da rahoton ya zama abin da ma'aikatanta ke kallo da safe. Idan kuma matsala ta shida ta bayyana sau biyu ba tare da allon ya hango ta ba, ta cancanci layi, sai a nemi wanda za ta maye gurbinsa.

Za su kuma ce idan lambobi kaɗan ne, ma'aikata za su koyi yi musu dabara. Wannan ita ce adawa mafi ƙarfi. Masanin tattalin arzikin Birtaniya Charles Goodhart ya lura tun 1975 cewa ma'aunin da aka mayar abin matsa wa mutane yakan daina faɗin gaskiya. Mai sayarwa da aka tsare a kan yawan katan zai tura kaya bashi ga shagunan da ba za su biya ba. Maganin farko yana cikin zaɓen layukan: ciniki yana zaune kusa da bashi, kaya a sito suna zaune kusa da kuɗin hannu, ta yadda duk wanda ya kumbura ɗaya zai fasa ɗayan a idon kowa. Magani na biyu yana hannun manaja. Ranar da ja ya zama dalilin cin mutunci ko yanke alawus, daga ranar alƙaluman za su fara isowa a gyare. Wanda ya kawo ja da wuri ya yi wa kamfani aiki, kuma dole ya ga an ɗauke shi haka.

Akwai dabarar da manyan ma ke yi, wato matsar da iyaka a ranar da ta yi ja. Sai a ji an ce kashi 15 ta yi tsauri, a mai da ita 20. A haramta wannan tun farko. Iyakoki ana duba su ne a ranar da aka tsayar, bayan kowane wata uku, ko idan wani abu na gaske ya canja, kamar a samu mai kawo kaya da ke isowa cikin mako ɗaya. A wannan zama ne ake tambayar kowane layi abin da ya yi. Wanda ya yi wata shida bai taɓa barin kore ba, ko dai iyakarsa ta yi sako-sako ko ba ya cikin abubuwan da ke barazana. Wanda ya zauna ja wata uku ya daina zama gargaɗi, ya zama matsalar da ke buƙatar aiki na musamman da mai ɗaukar nauyinta.

Gwajin ƙarshe ba ya buƙatar ƙwararre. A buga allon a takarda, a miƙa wa ma'aikacin da ya fi kowa sabunta a sito, a ba shi minti ɗaya ba tare da bayani ba. Sannan a tambaye shi abu uku: me ya lalace a wannan mako, wa ke da alhakinsa, me zai fara yi. Idan ya amsa duka ukun, allon ya yi. Idan ya kasa, kada a tura shi bita. A mai da takardar ga wanda ya haɗa ta, ya rage layi, ya gyara kalmomi, ya dawo da ita Litinin mai zuwa.